Madubin kwararar lantarki: yadda za ka haɗa shi da tiransista biyu, ka auna shi, ka gane iyakarsa

Duk wanda ya taɓa buɗe zanen cikin wata aisi ta amfilifaya, wato da'irar da aka haɗa gaba ɗayanta a kan silikon ɗaya, zai ga abu ɗaya yana maimaituwa: tiransista biyu ƙafa da ƙafa, an ɗaure bes ɗinsu wuri guda, ɗaya daga cikinsu kuma an haɗe masa kalekta da bes. Wannan shi ne madubin kwarara. Aikinsa shi ne ka tsara kwararar lantarki sau ɗaya a gefe guda, shi kuma ya fitar maka da irinta a ɗaya gefen, ko da lodin da ke can ya canja. Da shi ake raba kwararar bayas, wato ƙaramar kwararar da ke tsayar da kowane sashe na da'ira a matsayin aikinsa tun kafin sigina ta shigo.

Sunan madubi yana sa mutum ya zaci kwafin zai fito sak. Ba haka ba ne. Abin da tiransista na biyu ke samu daga na farko ba kwarara ba ce, bolteji ne na tsakanin bes da emita. Daga wannan boltejin ne yake samar da tasa kwararar, kuma za ta yi daidai da ta farko ne kawai idan su biyun iri ɗaya ne, zafinsu ɗaya, boltejin kalektansu ma ɗaya. Na ukun nan ba ya taɓa tsayawa a wurin aiki, domin lodi ne ke yanke shi. Daga nan turjiyar mafita take shigowa, wato ma'aunin yadda kwararar da madubin ke fitarwa take jure canjin bolteji, kuma ita ce za mu fi daɗewa a kanta.

Za mu gina madubi guda ɗaya na miliamfiya 1 daga wuta mai bolt 12, mu bi shi har inda ya gaza.

## Abin da ke faruwa a ciki

A tiransista irin NPN, kwararar kalekta tana bin boltejin bes zuwa emita ta wannan hanya:

```
Ic = Is * exp(Vbe / VT)      VT ≈ 26 mV
```

`VT` ya dogara da zafi kaɗai, kuma a zafin ɗaki yana kusa da milibolt 26. `Is` kuwa halin tiransistan ne na kansa, wanda girman mahaɗarsa da yadda aka sarrafa silikon ɗinsa suka ba shi. Abin lura shi ne tsananin wannan dangantaka. Ƙarin milibolt 1 a `Vbe` yana ƙara kwarara da kusan kashi 4 cikin ɗari. Ƙarin milibolt 18 yana ninka ta biyu, milibolt 60 kuma ya ninka ta goma. Shi ya sa ba wanda zai iya ɗora wa bes bolteji da hannu ya ce ga miliamfiya 1 nan. Kuskuren da mita ma ba za ta gani sosai ba ya isa ya ɓata lissafin.

Dabarar madubi ita ce a bar tiransista ya nemo wa kansa boltejin. Idan ka haɗe kalektan tiransista na farko, `Q1`, da bes ɗinsa, ka tura masa kwarara ta rizista, boltejin wurin zai hau har sai `Q1` ya shanye kwararar da aka tura. Da ya wuce haka, `Q1` zai ja fiye da kima ya sauko da shi. Da ya gaza, kwararar da ta rage za ta ɗaga shi. Can zai tsaya a daidai `Vbe` ɗin da ya dace da wannan kwarara. Sai ka miƙa wa na biyun, `Q2`, wannan boltejin. In dai `Is` ɗinsu ɗaya ne, shi ma zai ja irin abin da ɗan'uwansa ya ja.

## Mataki na farko: nemo tiransista biyu da suka dace

Nan ne yawancin gwaji ke lalacewa tun kafin a fara. Tiransista biyu masu lamba ɗaya, daga leda ɗaya, suna iya bambanta da milibolt da yawa a `Vbe`. Bambancin milibolt 5 kaɗai yana ba da kuskuren kusan kashi 21 cikin ɗari. Ka ga kenan babu amfanin yin magana kan kashi 1 ko 2 idan ba a warware wannan ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka samo tagwaye a gida ɗaya. Akwai `BCM847` da `DMMT3904W`, waɗanda aka dace da su tun daga masana'anta, akwai `BCV61` da aka riga aka haɗa shi a matsayin madubi, akwai kuma `CA3046` da `LM3046` masu tiransista biyar a kan silikon ɗaya. Na ƙarshen nan sun fi dacewa da koyo, domin abin da ke kan silikon ɗaya zafinsa kusan ɗaya ne.

In kuwa `2N3904` ko `BC547` ne a hannunka, sai ka tace su da kanka. Ka ɗauki rizista biyu na kilo-om 11 masu kuskuren kashi 1, ka haɗa kowanne daga bolt 12 zuwa tiransista guda da aka haɗe masa kalekta da bes, emitocin biyu kuma su tafi ƙasa. Kada ka auna `Vbe` na kowanne daban ka ɗebe. Mita mai lamba uku da rabi ba ta ganin ƙasa da milibolt 1 a ma'aunin bolt 2. Maimakon haka ka ɗora mitar tsakanin bes ɗin biyu a ma'aunin milibolt 200, inda za ta nuna maka kashi ɗaya cikin goma na milibolt. Bar ɗaya a wurinsa, ka riƙa canja ɗayan har ka samu wanda bambancinsu bai kai milibolt 1 ba. Bambancin kashi 1 a rizistocin yana kawo kusan rubu'in milibolt ne kawai, don haka ba zai ruɗe ka ba.

Kada ka riƙe tiransistan da yatsa. `Vbe` yana sauka da kusan milibolt 2 a kowane digiri ɗaya na Salshiyos, kuma ɗumin hannu ya isa ya motsa shi da digiri da yawa. Ka yi amfani da hantsaki, ka jira minti ɗaya ko biyu bayan kowane canji, ka kuma kare wurin daga iskar fanka.

## Mataki na biyu: lissafin rizista da haɗawa

Kwararar tushe, wadda za a kwafa, rizista ɗaya ce ke tsara ta. A miliamfiya 1, `Vbe` na ƙaramin tiransista yana kusa da bolt 0.65.

```
Iref = (12 - 0.65) / 11k = 1.032 mA
```

Lissafin ainihi ya nemi kilo-om 11.35, amma 11 ce ake samu a sauƙaƙe, kuma ɗan rarar nan zai yi mana amfani yanzu.

Haɗin kansa gajere ne. Rizista daga bolt 12 zuwa kalektan `Q1`. Waya daga kalektan `Q1` zuwa bes ɗinsa. Waya daga bes ɗin `Q1` zuwa bes ɗin `Q2`. Emitoci biyu zuwa ƙasa, a wuri ɗaya, da gajerun wayoyi. Lodi daga bolt 12 zuwa kalektan `Q2`. Ka duba ƙafafu da kyau: idan ka fuskanci shafaffen gefen `2N3904`, ƙafafu suna ƙasa, daga hagu emita ne, bes, kalekta, `BC547` kuwa a juye yake, kalekta, bes, emita. Tiransistan da aka juya ba ya mutuwa nan take, yana aiki ne da rauni, shi ya sa kuskuren ke da wuyar ganewa. In tiransistocin daban-daban ne, ka manna shafaffun gefensu da juna ka ɗaure da robar da ke tsukewa da zafi, domin su raba ɗumi.

Ba duk kwararar rizistan ce ke shiga kalektan `Q1` ba. Bes biyu suna shan nasu kaso daga ciki. Idan `β`, wato ninkin kwararar kalekta a kan ta bes, ya kai 200:

```
Iout = Iref / (1 + 2/β) = 1.032 / 1.01 = 1.022 mA
```

Kashi 1 ne ya tafi. Wannan kuskure ne ƙarami, sananne, kuma ba ya yawo da lodi, don haka ba za mu tsaya a kansa ba. Sai dai ka riƙe cewa lambar nan ta 1.022 gaskiya ce a wuri ɗaya tak: lokacin da kalektan `Q2` yake a bolt 0.65, daidai da na `Q1`.

## Mataki na uku: canja lodi, ka ga turjiyar mafita da idonka

A shekarar 1952 James Early ya bayyana cewa idan boltejin kalekta ya hau, yankin da ke tsakanin kalekta da bes yana faɗaɗa ya ci cikin bes. Bes ɗin ya ƙara sirancewa, kwarara kuma ta ƙaru ba tare da `Vbe` ya motsa ba. Ana auna wannan da lamba ɗaya, `VA`, wadda ake kira boltejin Early. A ƙananan tiransistocin NPN yakan faɗa tsakanin bolt 50 da ɗari da wani abu. Mu ɗauki 100 don lissafinmu. Naka za ka gano shi da awo nan gaba kaɗan.

```
Iout = 1.022 mA * (1 + Vce2/VA) / (1 + 0.65/VA)
ro   ≈ VA / Ic ≈ 98 kΩ
```

Ma'anar `ro` a aikace ita ce: madubinka yana nuna hali kamar cikakkiyar majiyar kwarara da aka rataya mata rizista mai kilo-om 98 daga mafita zuwa ƙasa. Duk bolt ɗaya da ya ƙaru a kalektan `Q2`, kusan maikro-amfiya 10 za ta ƙaru ta wannan ɓoyayyar rizista.

Ka tanadi lodi uku: kilo-om 10, 4.7 da 1. Ka auna kowanne da mita tukuna ka rubuta ainihin ƙimarsa. Na fi son a gano kwarara ta hanyar auna boltejin da ke kan lodin a raba da ƙimarsa, maimakon a tsinke da'ira a saka mita a ciki, domin kowane tsinkewa yana ba `Q2` damar sanyi ko ɗumi.

Da kilo-om 10, lodin yana cinye yawancin wutar, kalektan `Q2` ya zauna kusa da bolt 1.68, kwarara ta zama miliamfiya 1.032. Da 4.7, kalekta ya hau zuwa bolt 6.9, kwarara ta kai 1.086. Da kilo-om 1, kalekta yana bolt 10.87, kwarara 1.126. Ba a taɓa rizistan tushe ba, `Iref` bai motsa ba, amma kwafin ya tafi da kashi 9 cikin ɗari. Daga awo na farko da na ƙarshe kake fitar da turjiyar mafita:

```
Rout = ΔV / ΔI = (10.87 - 1.68) / (1.126 - 1.032) mA ≈ 98 kΩ
```

Ka ninka abin da ka samu da kwararar, ka samu kimanin `VA` na tiransistanka.

Ga wani abu da ke yaudarar masu farawa. Tunda `ro` yana ƙaruwa idan kwarara ta ragu, sai mutum ya ce bari ya sauko zuwa maikro-amfiya 100, ya samu mega-om 1, ya huta. Turjiyar ta ninku goma, gaskiya ne, amma kwararar da ake karewa ta ragu sau goma. Bolt 9 a kan mega-om 1 maikro-amfiya 9 ce, wato kashi 9 na ɗari, daidai inda aka baro. A madubi mai sauƙi, kuskuren kashi shi ne canjin bolteji a raba da `VA`, ko nawa ne kwararar. Ba a gyara shi da canja rizistan tushe. Sai an canja tsarin da'irar.

Wanda ke son ganin layin gaba ɗaya kafin ya taɓa waya zai iya gwada shi a SPICE, manhajar kwaikwayon da'ira a kwamfuta:

```
* madubi
V1 vcc 0 12
R1 vcc ref 11k
Q1 ref ref 0 QN
Q2 out ref 0 QN
V2 out 0 5
.model QN NPN(IS=1e-14 BF=200 VAF=100)
.dc V2 0 12 0.1
.end
```

Ka zana `-I(V2)`. Za ka ga layi ya tashi tsaye daga ƙasa da sifili, ya lanƙwasa wajen bolt 0.1 zuwa 0.2, sannan ya miƙe da ɗan hawa har ƙarshe. Hawan nan shi ne `1/ro`. Lanƙwasar kuma ita ce ƙasan iyakar aiki: ƙasa da nan `Q2` ya ƙoshi, ba ya iya riƙe kwarara. A da'irarmu wannan yana nufin lodi ba zai wuce kusan kilo-om 11.4 ba. Ka saka kilo-om 15, za ka ga kusan miliamfiya 0.79, wanda lodin ne ya yanke shi, ba madubin ba.

## Idan awonka ya fi lissafi muni

In tiransistoci daban-daban ka yi amfani da su, da wuya ka samu lambobin da ke sama. Mai yiwuwa da lodin kilo-om 1 ka ga 1.13 a daƙiƙar farko, sannan lambar ta riƙa hawa a hankali zuwa 1.2 ko fiye. Wannan ba Early ba ne, zafi ne, kuma yana da kyau ka iya raba su.

Duba wutar da kowanne ke ƙonawa. `Q1` yana da bolt 0.65 a kansa, don haka bai kai miliwat 1 ba. `Q2` da bolt 10.87 yana ƙona kusan miliwat 12. Gidan `TO-92`, irin na `2N3904` da `BC547`, yana ɗumama da kusan digiri 200 a kowane wat idan yana cikin iska, wato `Q2` zai fi ɗan'uwansa zafi da sama da digiri 2. Digiri biyu da ɗan wani abu sau milibolt 2 ya kusa milibolt 5, kuma mun riga mun ga abin da milibolt 5 ke yi: kusan kashi 20. Ƙaramar wutar da yatsa ma ba zai ji ba ta fi tasirin Early ƙarfi sau biyu.

Alamar rabewa ita ce lokaci. Tasirin Early yana faruwa nan take, da zarar ka canja lodi. Tasirin zafi yana rarrafe cikin daƙiƙoƙi da yawa. Don haka idan kana son `ro` na gaskiya, ka ɗauki karatun farko da sauri. Idan kana son sanin yadda da'irar za ta zauna a wurin aiki, ka jira ta lafa. Ka kuma gwada taɓa `Q2` da yatsa, kwarara za ta hau. Ka taɓa `Q1`, za ta sauka. Wannan ɗan gwajin yana koyar da abin da shafi guda na lissafi ba zai koyar ba.

A miliamfiya 10 abin ya zama haɗari. `Q2` zai ƙona kusan miliwat 100, ya yi zafi, ya ƙara ja, ya ƙara zafi, har sai lodin ya taka masa birki ko ya lalace. Ni dai ba na amincewa da madubin tiransistoci daban-daban marar rizistan emita a kan kwararar da ta wuce 'yan miliamfiya kaɗan. A cikin aisi ana tsira ne saboda tiransistocin suna kusa da juna ƙwarai a kan silikon ɗaya.

## Mataki na huɗu: rizistoci biyu a emita

Gyaran da ya fi arha, kuma wanda ya kamata ya zama al'adarka a kan allo, shi ne ka saka rizista iri ɗaya tsakanin kowane emita da ƙasa. Mu ɗauki om 220, masu kuskuren kashi 1. A miliamfiya 1 kowacce za ta riƙe bolt 0.22.

Yadda take aiki a fili yake. Idan boltejin kalekta ya hau, `Q2` ya yi yunƙurin ƙara kwarara, boltejin da ke kan rizistan emitansa zai hau. Bes kuwa yana nan inda `Q1` ya tsayar da shi. Sai `Vbe` na `Q2` ya matse, yunƙurin ya koma baya. Ƙarfin wannan birki yana bin yadda boltejin rizistan ya fi `VT` girma:

```
Iref = (12 - 0.65) / (11k + 220) = 1.012 mA
Iout ≈ 1.00 mA
Rout ≈ ro * (1 + 0.22 V / 0.026 V) ≈ 9.5 * ro
```

Idan aka cire ɗan abin da kwararar bes ke ragewa, turjiyar mafita ta kai kusan kilo-om 900. Canjin bolt 9 da ya ba mu kashi 9 ɗazu, yanzu kusan kashi 1 yake bayarwa. Ka maimaita gwajin lodi uku ka tabbatar da kanka.

Ribar ba ta tsaya nan ba. Bambancin milibolt 5 ɗin nan, ko daga rashin dacewa ya zo ko daga zafi, yanzu yana faɗawa ne a kan om 220 da om 26 na cikin tiransistan. Milibolt 5 a kan om 246 maikro-amfiya 20 ce, kashi 2 maimakon 21. Ka mayar da nauyin daidaito daga tiransista, wanda ke da wuyar dacewa, zuwa rizista, wadda ake samun mai kyau cikin sauƙi. Har ma kana iya canja rabon kwafi da su: in boltejin da ke kansu ya kai 'yan ɗaruruwan milibolt, rizistan `Q2` mai rabin ƙimar ta `Q1` za ta ba da kusan ninki biyu, da ɗan ragi saboda milibolt 18 da `Vbe` zai ƙara ci.

Abin da ka biya shi ne sarari. Mafita yanzu ba za ta sauka ƙasa da kusan rabin bolt ba, wato 0.22 na rizista da 0.3 na tiransista. A wuta mai bolt 12 wannan ba komai ba ne. A da'ira mai bolt 1.8 kuwa babban kaso ne. Akwai kuma rufi: ko ka ƙara rizistan yaya, turjiyar mafita ba za ta wuce `β * ro` ba, domin daga wani wuri canjin kwararar yana zurarewa ne ta bes, inda rizistan emita ba ta ganinsa. Tsakanin bolt 0.1 da 0.5 a kan rizistan shi ne inda na ga ciniki ya fi kyau.

## Lokacin da kashi 1 ma ya yi yawa

Yaushe ne turjiyar mafita take zama abin damuwa na gaske? Idan madubin yana kunna wata fitila ce ko yana ba wani sashe bayas a bolteji tsayayye, kuskuren Early lamba ce guda da za ka gyara a rizistan tushe ka wuce. Damuwar tana zuwa ne inda boltejin mafita ke yawo da sigina. Idan madubi ne lodin amfilifaya, haɓakawar tana tsayawa a `gm`, wato `Ic/VT`, sau haɗin `ro` biyu a layi ɗaya gefe da gefe, na mai haɓakawa da na madubi. In dukansu suna da `VA` na bolt 100, hakan ya zama 100 a raba da sau biyu na 0.026, kusan 1900, kuma canja kwarara ba zai ɗaga shi ba. Idan kuma madubin ne ke riƙe wutsiyar tagwayen shiga, wato kwararar da tiransistocin shiga biyu na amfilifaya ke rabawa ta emitocinsu, duk rawar da kwararar ta yi da bolteji tana zama hanyar da hayaniyar da ke kan wayoyin shiga biyu za ta bi ta kutsa. Haka nan idan kana cajin kafasita don samun layi miƙaƙƙe, ƙarancin turjiya zai lanƙwasa shi.

A nan ne ake ƙara tiransista na uku. George Wilson, injiniya a kamfanin Tektronix, ya fito da tsarinsa a 1967. Rizistan tushe tana zuwa kalektan `Q1` da kuma bes ɗin sabon tiransista `Q3`. Emitan `Q3` yana sauka kan `Q2`, wanda yanzu shi ne aka haɗe wa kalekta da bes, bes ɗinsa kuma yana tare da na `Q1`. Mafita ita ce kalektan `Q3`. Ka lura da abin da ya faru: tagwayen da ke yin kwafi sun daina ganin boltejin lodi. `Q2` yana zaune a `Vbe` ɗaya, `Q1` a biyu, komai abin da lodi ya yi. `Q3` ne ke ɗaukar duk rawar bolteji da duk zafin, kuma shi ba a buƙatar ya dace da kowa. Idan kwararsa ta yi yunƙurin hawa, `Q2` ya ji, `Q1` ya kwafa ya ja bes ɗin `Q3` ƙasa. Turjiyar mafita ta kai kusan `β * ro / 2`, wato wajen mega-om 10 da lambobinmu, kuskuren kwararar bes ma ya kusa ɓacewa. Farashinsa shi ne mafita tana buƙatar kusan bolt 1 kafin ta fara aiki. Kada ka manta a sake lissafin rizistan tushe, domin yanzu `Vbe` biyu ake cirewa: bolt 10.7 ya rage, don haka kilo-om 11 za ta ba da miliamfiya 0.97.

A wannan matakin kayan awonka sun fara shiga cikin lissafi. Yawancin mitoci suna da turjiyar shiga ta mega-om 10. Idan ka bar mita tsakanin mafita da ƙasa kana auna kwarara da wata mitar, ka rataya wa madubin rizistan da ta kai tasa, kuma za ka samu rabin amsar. Ka auna bolteji, ka cire mitar, sannan ka auna kwarara. Canjin da kake nema kusan maikro-amfiya 1 ne a kan dubu, don haka mita mai lamba uku da rabi ba za ta gan shi ba. Sai mai lamba huɗu da rabi ko fiye.

Wanda ke aiki da MOSFET zai samu hoton kusan iri ɗaya. Babu kwararar get, don haka kuskuren `2/β` ya tafi, amma turjiyar mafita tana nan a matsayin `1/(λ * Id)`, inda `λ` ke yin aikin `1/VA`, `Id` kuwa kwararar mafita ce, kuma MOSFET daban-daban sun fi bambanta da juna a boltejin kunnawa, har ya zama madubinsu a wajen aisi ba abin dogaro ba ne sai da manyan rizistoci a ƙasa.

## Idan ana ciyar da mafita da yawa daga tushe ɗaya

Amfanin madubi na yau da kullum shi ne `Q1` ɗaya ya ciyar da tiransistoci da yawa, duk bes ɗinsu a layi ɗaya. Kuskuren bes yana ƙaruwa da yawansu: da mafita `N`, ana raba `Iref` da `1 + (N+1)/β`. Mafita biyar a `β` na 200 kashi 3 ne, abin da za a iya jurewa ko a gyara a rizista.

Abin da ya fi ba da wahala shi ne idan ɗaya daga cikin mafitun ta ƙoshi, ko waya ta cire daga kalektanta. Tiransistan da kalektansa ke rataye ba shi da inda zai jawo kwarara sai ta bes, don haka mahaɗar bes da emitansa ta zama dayod da ke shan kwarara kai tsaye daga layin da kowa ke dogaro da shi. Boltejin layin ya sauka, duk sauran mafitun su ragu tare, ko da lodinsu lafiya yake. Mutum zai iya ɓata awa guda yana bincike a sashen da ba shi da laifi. Idan ka ga duk kwafin sun faɗi lokaci ɗaya, ka bi kalektoci ɗaya bayan ɗaya da mita, ka nemi wanda ke zaune ƙasa da bolt 0.2 a kan emitansa. Mafitar da ba ka amfani da ita kuwa, kada ka bar kalektanta a sake: ko ka haɗa shi da layin wuta, ko ka cire bes ɗin tiransistan daga layin gaba ɗaya.